Darasi na Uku: Dalilin da Ya Sa Injin Buga Kuɗi Ba Ya Noma

Ɗalibai, a zauna, a kashe wayoyi. Kowace shekara sai an sami haziƙi ɗaya a ajin farko ya tambaya: tun da gwamnati ce ke da injin buga kuɗi, me ya kai ta ga bin mai shayi da rasit? Tambaya ce mai kyau, har wasu shugabannin ƙasa sun gwada amsa ta a aikace.

Mu ƙaddara gari mai noma buhu 100 na masara duk shekara, kuɗin da ke yawo a cikinsa kuma naira miliyan 5. Buhu ya kama 50,000. Gwamnati na son buhu 20 don ciyar da sojoji. In ta sa haraji, sai ta karɓi miliyan 1 daga aljihun mutane, ta saye buhunanta, jama'a su ci 80 suna zaginta.

In kuwa bugawa ta yi, sai ta shiga kasuwa da sabuwar miliyan 1, ta kwashe buhu 20 a tsohon farashi, domin ita ta riga kowa zuwa. Jama'a dai 80 ɗin za su ci. Sai dai yanzu miliyan 6 ke bin buhu 100, saboda dogon binciken masana ya tabbatar da cewa masara ba ta ƙara tsiro don ta ji an buga kuɗi. Buhu ya koma 60,000. Tsohuwar da ta ƙulle 50,000 a bakin zane ta yi asarar kashi ɗaya cikin shida, ba wanda ya taɓa ƙullin. Harajin ne aka karɓa, rasit ne kawai babu, kuma ya fi faɗawa kan mai albashi da mai ajiya. Mai rumbu kuwa ko a jikinsa. Zagin ma sai ya koma kan 'yan kasuwa, abin da gwamnatoci ke ɗauka da haƙuri ƙwarai.

Matsalar ita ce mutane suna ganewa. Kowa ya karɓi kuɗi sai ya yi maza ya rabu da su, farashi ya ƙara gudu, injin ya ƙara wuta. Zimbabuwe ta bi wannan manhaja har ƙarshe: a Janairun 2009 ta fitar da takardar dala tiriliyan 100, a shekarar kuma ta jingine kuɗin nata, mutane suka koma dalar Amurka.

A nan gida, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta taƙaita rancen da zai ba gwamnati zuwa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar bara. Zuwa Mayun 2023 rancen ya kai naira tiriliyan 22.7, Majalisar Dattawa kuma ta amince a mai da shi bashin dogon zango. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, tare da taimakon cire tallafin mai da faɗuwar naira.

Aikin gida: a lissafo farashin buhu idan an buga miliyan 5. Wanda amsarsa ta nuna kowa ya yi arziki, ya same ni a ofis da mahaifinsa.