Masu Sallama a Guruf ɗin Makaranta

Abu uku ake nema a saƙon tafiya hutu: ranar tafiya, ranar da za a gan ka a kujerarka, da wanda ka bar wa aiki. A guruf ɗin WhatsApp na makarantarmu da ke Tudun Wada, samun biyu daga ciki ma sai an dace.

Malam Mai Saƙon Murya shi ne gwanina. Ba ya rubutu, wai babban yatsansa ya fi ƙarfin madannan waya. Sai ka ga minti 7 cur ya faɗo. Zai yi sallama, ya yi salati, ya gai da Malam Hedimasta, ya gai da Basa, ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya har da wadda ta bar aiki bara. A kan acaɓa yake ɗauka, saboda haka daga Agoro zuwa Ƙofar Doka iska kawai kake ji da hon ɗin Keke Napep. Can ka ji ya ce, "Ɗan tsaya nan, yaro," ya yi cinikin lemo, ya dawo da "To, ina muka tsaya?" Sai ya shiga tarihin auren ƙanwar matarsa a Soba: wanda ya fara nema, dalilin fasawa, da yadda Allah ya kawo wannan na yanzu. A minti na 6 zai ce duk mai buƙatar sakamakon jarrabawar aji uku ya tuntuɓi Malam... daidai nan tirela ta wuce. Ka saurara sau nawa ma, tirelar ce dai. Malaman lissafi sun ce Isa suka ji, na Islamiyya suka rantse Musa ne, kuma duka biyun muna da su. A ƙarshe ya nemi gafarar kowa, kamar mai tafiya Hajji a ƙasa ta Sudan, alhali ranar Litinin zai dawo.

Akwai mai "sai bayan Sallah". Ƙarama ko babba, oho. Ƙaninsa shi ne mai rubuta "hutuna daga 3 zuwa 14 ga wata", ya bar mu muna gardama ko ranar 14 zai shigo ko kuwa ita ce ta ƙarshe a gida. In 14 ta faɗo Juma'a, tsakanin fassara biyun nan akwai kwana uku.

Wata Hajiya kuma takan ce, "A tuntuɓi kowa a ofis." Kowa kuwa bai taɓa zuwa aiki ba.

Da mai haihuwa babu wasa, nata saƙon tsaf yake, da kwanan wata da sunan mai riƙe mata aji. Mu ne muke binne shi. Barka arba'in, sitika ta jariri, sai wani ya tuno cewa gwamnatin Kaduna ta mai da hutun haihuwa wata shida tun 2019, mu na makarantun kuɗi ina namu? Kafin azahar, mai neman sunan nan sai ya yi ta jan allo sama har caji ya ƙare.

Sai kuma waɗanda ke rubuta "ba za a same ni a waya ba", amma suna nan kore shar, suna gyara wa mutane rubutu a guruf daga ƙauye. Ba na son tsananta musu. Sabis ɗin garinmu yana da kyau ƙwarai, kuma wane ne zai zuba ido a rubuta "ƙasa" babu lanƙwasa?

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai naɗa ka ba da saninka ba. Ƙarfe 11 na dare ya tura: "Na tafi Kano, duk abin da ya shafi rijistar NECO a nemi Malam Wane." Kai ne Malam Wane, kuma da asuba ka gani tare da kowa. Ƙarfe takwas iyaye sun tsaya a ƙofarka da rasit. Jerin waɗanda suka biya yana cikin durowarsa, makullin yana aljihunsa. Kwamfutar na neman lambar sirri, shi kaɗai ya san ta. An ce a sake wata, lambar tabbatarwa ta tafi layinsa, layin a kashe. Wani uba ya ce rabi ya biya, sun yi magana da Malam zai cika ƙarshen wata. Ina aka rubuta? A cikin kan Malam, kan kuma yana Kano.

Abin da zai yi bai kai cin tuwo ba: ya same ka kwana biyu kafin tafiya, ya tambaya ko za ka iya, ya miƙa makulli da jerin sunaye, ya nuna maka wa ya biya, wa ya saura, yaushe za a rufe, ya sa Hedimasta ya sani. Sannan ya rubuta sunanka. Bai yi ba, amma a idon iyaye kai ne ka riƙe musu 'ya'ya, domin sunanka ne a rubuce.

Ranar Laraba ya kunna waya. Maimakon ya kira, sai ya shigo guruf, gaban Hedimasta da kowa: "Malam Wane, ina fatan an kammala? Na ga shiru."