Malam Ya Ce "Kamar Yadda Kuke Gani"

Data ta kusa ƙarewa, jarrabawa gobe, laccar zazzaɓin cizon sauro kuma ta awa uku ce. Sai masu dabara su ce ba komai: a danna Show transcript a YouTube, a kwafe rubutun, a taƙaita.

Madalla. Minti 15 na farko gaisuwa ce da gwajin lasifika. A share, babu zunubi.

Daga nan ilimi ya fara kwarara. "Kamar yadda kuke gani a nan," in ji malam. Allah ya gafarta malam, ba ma gani. "Idan wannan ya hau, wancan sai ya sauka." Zafin jiki ne? Kuɗin magani ne? Allo ne kaɗai ya sani.

Sai a lura da lokacin da ke gefen layi. Daga 47:10 ya yi tsalle zuwa 52:30, ko tari babu. Malam na zane ke nan. Layin da ya biyo baya: "To, wannan zai fito a jarrabawa."

Can gaba rubutu ya ce shan mangwaro ke kawo zazzaɓin. Ba waƙafi, ba alamar zance, ba murmushin malam. Ashe camfin mutane yake kwaikwayo, sai bayan minti 20 ya rushe shi. Mai gaggawa tuni ya ja layi a ƙarƙashi.

Taƙaitawa ta kammala: sauro mugu ne, wani abu yana hawa, a guji mangwaro. Allah ya ba da sa'a.