Yadda Ake Gane Tumatir Mai Kyau a Hoto

Tunda cefane ma ya koma waya, mai kayan gwari ya turo hoto daga 'Yankaba kai kuma ka tura kuɗi, ga 'yan shawarwari daga wanda har yau tsakar gidansa ke warin kwandon makon jiya.

Na ɗaya, kada ka kalli tumatirin. Waɗanda ke saman kwando 'yan fareti ne, an zaɓo su, an goge su da gefen riga. Gindin kwandon za ka duba. In saƙar ta yi duhu daga ƙasa, ko ka ga danshi a inda aka ajiye shi, to na ciki sun farfashe tun a bayan mota daga Kadawa, nauyin 'yan'uwansu ya matse su, ruwansu ne ke tsiyaya. In kuwa hoton ya yanke daidai wuyan kwando, ba kuskure ba ne.

Na biyu, buɗe hoton da yatsu biyu, ka duba wajen da aka tsinko shi daga reshe. Sabon tumatir fatarsa a ɗame take har wurin, wanda ya kwana biyu kuwa daga nan yake fara yamushewa. Fari-fari a bakin tsaga fumfuna ce. Ɗigon baƙi kuma ko hudar tsutsa ko ƙuda, kuma ƙuda ba ya taro inda babu walima.

Wannan fa in hoton zai buɗu. Bawan Allah yana riƙe da wayar da gilashinta ya sha manja, ya tsaya ƙarƙashin jar lema da tsakar rana. A inuwar jar lema ko gauta ja yake fitowa! Ɗanye, nunanne, ruɓaɓɓe, duk kala ɗaya. Ka ce ya fito da kwandon haske, ya ce, "Haba Alhaji, ni zan cuce ka? Yanzu aka sauke." Yanzun nan tasa ta fara tun shekaranjiya. Ka ce ya zazzage ya ɗauko na ƙasa, sai ya turo maka saƙon murya mai tsawo kan tsadar man fetur. Wallahi abin da ciwo. Kuɗin kwando ba na wasa ba, a ƙarshe uwargida ta zauna tana tsince rabi tana zubarwa, tana kallonka ba ta ce komai ba.

Na huɗu, ko na nawa ne ma, alayyafo. Ƙyallin nan yayyafin ruwa ne, ba ƙuruciya ba. Ganyen tsakiyar dami za ka leƙa, daga can rawaya ke farawa.

Kankana kuma, a duba inda ta kwanta a ƙasa: in ya yi rawaya ta nuna, in fari ne da saura. To amma wa zai juya maka kankana ya ɗauki cikinta? Ni dai na ƙwanƙwasa fuskar wayar, ƙarar gilashi na ji. Nemi kuɗin adaidaita ka tafi da hancinka.