Barkanku da Zuwa, Kowa da Irin Aljihunsa

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu mata, da samarin da ke leƙe ta taga saboda kujeru sun ƙare, barkanku da zuwa wannan liyafa ta gidauniyar rijiyar burtsatse. Zaure ya cika maƙil, har na ga waɗanda rabona da su tun rabon shinkafar azumi.

Kafin a buɗe kuloli, ga lissafin. Haƙa, famfo, farantan hasken rana, tanki da ƙarfen da za a ɗora shi, mai aikin ya ce naira miliyan 6, kuma ba zai tayar da motar haƙa ba sai ya ga rabi a hannu. So muke a haƙa kafin ruwan fari, domin rijiyar da ta ba da ruwa a watan Afrilu ita ce abin dogaro. Ta damina kowa ma ya iya.

To, bari in gaishe ku ɗaya bayan ɗaya.

Ina maraba da babban mai ƙaddamarwa, wanda wani uzuri ya riƙe a Abuja, ya turo wakili. Wakili zai yi minti ashirin yana ba mu tarihin kirkin maigidansa, sannan ya ce Alhaji ya umarci kwamiti ya same shi a gida. Mun san gidan. Mun san maigadin, mun san bencin da ake zama, mun kuma san cewa kullum Alhaji yanzun nan ya fita.

Sai Alhazanmu biyu na kasuwa da muka zaunar nesa da juna da gangan. Ɗaya ba zai buɗe baki ba sai ya ji abin da ɗayan ya faɗa, ya ɗora dubu ɗaya a kai. Allah Ya ƙara muku wannan gaba, ita ce kaɗai gabar da unguwa ke cin moriyarta.

Honarabul, ranka ya daɗe, mun ga ka iso da maroƙinka. Idan ka ce miliyan biyu, mata za su rangaɗa guɗa, masu waya su ɗauka, gobe kowa ya gani. Amma sakatare yana da shafi biyu a littafinsa, na abin da aka faɗa a lasifika da na abin da ya shiga asusu. A irin wannan taro sai a sanar da miliyan 9, a tafa, a watse, ma'aji ya ƙirga ya tarar da miliyan 2, cikinsu kuma a biya hayar zaure da masu girki. Tazarar da ke tsakanin shafukan nan ita ce ta bar unguwanni da yawa da ramin da aka fara, da allon da ke ɗauke da sunayen manya.

Masu cak, ku duba kwanan watan da kuka rubuta, ku kuma tuna da dokar 1977 da ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ba da cak alhali ya san asusunsa wayam. Ba barazana nake yi ba, tarihi nake karantarwa. Masu taransifa kuma, da za su ɗaga waya sama su ce sabis ya ɗauke, an cire musu amma bai shigo mana ba, ga yaro can bakin ƙofa da na'urar POS, ga sabis ɗinsa garau. Uzurin ƙarancin takardun kuɗi ya mutu tun 2023.

Akwai mai ba da siminti buhu hamsin, da sharaɗin mu je mu ɗauko a garin surukansa. Akwai mai shawara, wanda zai karɓi lasifika ya bayyana inda ya kamata a haƙa da wanda ya kamata a ba aikin, ya mayar da lasifika ya zauna. Wanda ya taho da leda a aljihun babbar riga kuwa, sannu da ƙoƙari, ka dai bari a yi addu'a tukuna.

Iya, ke da ke can baya kina kwance bakin zani, na gan ki. Takardun Sardauna biyar ɗin nan, na ɗari bibbiyu, kuɗin ƙosai ne, kuma su ne za su riga na kowa shiga asusu. Hajiyoyin adashi ma sun kawo kwasar wannan wata a ambulan, sun ce kada a ambaci suna, shi ya sa ban ambata ba.

Ga tsarin daren. Wanda ya yi alkawari zai rubuta lambar waya da ranar cikawa, ya sa hannu. Ranar Juma'a ta sama za a liƙa shafukan nan biyu a ƙofar masallaci, kowa ya karanta. Allah gafarta Malam, a buɗe mana da addu'a. Masu rabon abinci, ku dakata da naman sai ma'aji ya gama zagaye.