Yadda Jadawali Ya Ɗora Matan Kalgo Kan Babur

Takardar tambayoyin bincike ba ta shiga kwamfuta sai an mai da kowace amsa lamba. Namiji ya zama 1, mace ta zama 2. Manomi 1, ɗan kasuwa 2, ma'aikaci 3, ɗan kabu-kabu 4, mai kitso 5. Ana rubuta wannan yarjejeniya a takarda guda da ake kira mabuɗin lambobi, sannan a zuba amsoshin a Excel ko SPSS, kowane mutum layinsa na kwance, kowace tambaya layinta na tsaye. Daga nan sai a ƙirga, a fitar da kashi cikin ɗari, a gitta tambaya da jinsi ko rukunin shekaru don a ga wa ya ce me. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake Kalgo, da takwarorinsu na Aliero, sun san wannan aiki da sunan babi na huɗu, babin da ke hana barci.

Kwamfuta kuwa ba ta san Gwandu ba, ba ta taɓa cin kasuwar Kalgo ba. Abin da aka ba ta shi take lissafawa, ko da kuwa zancen banza ne. Misalin da ke biye ya nuna haka, kuma alƙalumansa na koyarwa ne, ba sakamakon wani bincike ba.

A ɗauka wani ɗalibi ya raba takardu 200 kan sana'o'in mutane. Shi da kansa ya cika 120 a Gwandu, har da Dalijan da Kambaza, maza 70 mata 50. Sauran 80 na Kalgo ya bar wa abokinsa, maza 50 mata 30. Mabuɗin lambobi kuwa bai rubuta ba, a kansa ya riƙe, ya faɗa wa abokin a waya ana tsakiyar hayaniyar tasha. Abokin, mutum mai ladabi da ya taso yana jin cewa uwa ce gaba, sai ya sa mace 1, namiji 2.

Da aka haɗa takardun, maza 50 na Kalgo suka koma mata, mata 30 suka koma maza. Jadawalin farko ya fito da maza 100, mata 100, rabi da rabi cif. Ɗalibin bai tsorata ba, murna ma ya yi, har ya ƙara jimla guda a babi na uku yana yaba wa kansa kan adalcin da ya yi wa jinsi biyu. Nan ne wurin da ya kamata ya tsaya, domin ya san da wahalar da ya sha kafin ya samu shiga gidaje ya yi magana da mata 50 ɗin nan. Jadawalin ƙirga na farko ba don ado ake fitar da shi ba, ana gwada shi ne da abin da ido ya gani a fili.

Ɓarnar ba ta bayyana ba sai da aka gitta jinsi da sana'a. A Excel, in jinsi yana layin C, sana'a tana layin E, ana ƙirga matan da ke kabu-kabu da wannan:

```
=COUNTIFS(C:C,2,E:E,4)
```

Amsar da ta dace ita ce sifili, domin 'yan kabu-kabu 24 da aka zanta da su duk maza ne, 9 a Gwandu, 15 a Kalgo. Amma kwamfuta ta ce 15. Ke nan kashi 15 cikin ɗari na mata suna haya da babur, maza kuwa kashi 9 kacal. A ƙasan wannan kuma, magidanta takwas na Kalgo sun dogara da kitso. Wani zai koma ya buɗe takardun asali. Shi ɗalibin sai ya zauna ya rubuta shafi guda yana bayyana yadda zuwan jami'a ya sauya al'adun garin.

Malaminsa ya karanta, ya cire tabarau, ya ce: "Kai, yaro, kullum ina bin hanyar nan. A wace kwana matan suke tsayawa?"

Gano irin wannan kuskure ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. A gitta jinsi da gari, ko da sunan wanda ya cika takarda, kafin a gitta shi da komai. Da an yi haka, da an ga Kalgo ta ba da mata fiye da maza yayin da Gwandu ta ba da akasin haka, sai a zaro takardu goma a gwada da abin da ke allo. Saboda haka ne ake rubuta wa kowace takarda lambarta a goshi, a kuma shigar da lambar a layin farko.

Shekaru suna da nasu tarkon. Mutane da yawa a karkara ba su riƙe ranar haihuwa, sai su ce talatin ko arba'in, kuma masana ƙidaya sun daɗe suna ganin yadda shekarun da ake faɗa a Najeriya ke taruwa kan masu ƙarewa da 0 da 5. Ma'aunin Whipple ma don auna wannan aka yi shi. Wanda ya yanka rukuni 20–30 da 30–40 ya jefa duk masu cewa talatin, waɗanda su ne suka fi yawa, cikin rukuni biyu lokaci guda. Yankan da ya dace shi ne 20–29, 30–39, haka har 60 zuwa sama. Wanda kuma ya ce Allah ne masani, al'ada ita ce a sa masa 99, sannan a shaida wa SPSS a ƙarƙashin `Missing` cewa wannan ba shekaru ba ne. Ɗalibin ya sa 99 ɗin ga mutum 24, bai shaida wa kowa ba. Rukunin tsofaffi, wanda mutum 16 ne a gaskiya, ya kumbura ya kai 40, cikinsu har da dattawa shida 'yan shekara 99 da ke tuƙa babur a rana tsaka.

Bayan duk gyaran nan, sauran tambaya guda: kashi cikin ɗari na wa? A SPSS, cikin `Crosstabs`, akwai zaɓin `Row` da na `Column`, kuma kowanne tambayarsa daban yake amsawa. 'Yan kabu-kabu 24 cikin maza 120 kashi 20 ne na maza. Su 24 ɗin kuma cikin 'yan kabu-kabu 24 kashi 100 ne. Ɗalibin ya latsa ɗaya ya karanta shi da ma'anar ɗayan, ya sanar cewa duk mazan Gwandu da Kalgo 'yan kabu-kabu ne, babu manomi ko ɗaya a ƙasar shinkafa. Ƙa'idar ita ce a raba da jimillar rukunin da ake kwatantawa: in ana gwada maza da mata, layin maza ya cika ɗari, na mata ma ya cika ɗari.

Gitta jinsi da shekaru lokaci guda kuma yana da iyaka. Jinsi biyu sau rukuni biyar gida goma ne, mutum 200 kuwa ba sa rabuwa daidai a cikinsu. In matan da suka kai 60 huɗu ne, tsohuwa guda ta zama kashi 25, ranar da ta sauya ra'ayi sakamakon bincike ya girgiza. Gwajin `Chi-square` ma ba a amincewa da shi in gidaje da yawa suna da adadin da ake tsammani ƙasa da 5. Mafita ita ce a haɗe rukunan da ke maƙwabtaka, a ce 50 zuwa sama, kuma a rubuta adadin mutane kusa da kowane kashi: 1 cikin 4, ba kashi 25 tsura ba.