Ka Ce Garaɓasar Komawa Makaranta Wayo Ce? Zo Mu Ƙirga

Malam, na ga ka taɓe baki tun kafin ka gama karanta allon da muka kafa a ƙofar shago. To bari in karanta maka da kaina, tunda ka ce rana ta kashe maka ido. Daga 25 zuwa 31 ga Agusta akwai babban rangwame a kan ƙunshin kayan rubutu na 'yan makaranta. Daga 1 zuwa 7 ga Satumba rangwamen yana nan, amma ya rame. Daga 8 ga wata kuwa, sai dai mu gaisa ka biya kuɗi cif.

Ka ce ai ka san halin 'yan kasuwa, su ƙara kuɗi da dare su rage da safe, su kira shi garaɓasa? Haba Malam! Mu za ka yi wa wannan ƙazafi? To ɗauko biro, in kuma ba ka da shi muna sayarwa. Ga ƙunshin ɗan firamare. Littafin rubutu mai falle 60 dozin guda, kowane naira 400, ka ga 4,800 ke nan. Fensir shida, 600. Biro huɗu, 600. Kilina biyu da shafna biyu, 400. Rula 200, littafin zane 400. In ka tsinci kayan nan ɗai-ɗai a kan kanta, 7,000 za ka ajiye, kuma farashin kowane yana manne a jikin kanta, ba yau aka liƙa shi ba. A makon farko ƙunshin gaba ɗaya 6,000 ne, a mako na biyu 6,500. Je ka Sabon Gari ka taya, ka dawo mu yi magana. Kuɗin adaidaita dai naka ne.

Ka ce to ina muke samun riba, ko sadaka muka koma yi? A'a, ba mu kai nan ba tukuna. Katan-katan muke ɗauko littafi tun ana tsakiyar hutu, lokacin da babu mai waiwayarsa. Ƙunshi kuma an riga an ɗaure shi a leda, ka miƙo kuɗi a miƙa maka, babu tsayawa minti ashirin ana ciniki a kan shafna ɗaya. Wannan cinikin naka da muka huta da shi, shi ne muka mayar maka rangwame.

Hajiya kuma, na ji ki daga bayan layi. Kin ce ƙunshi dabara ce ta cusa wa mutane kwantai, a sa littafi mai kyau a sama a ɓoye rubabbe a ƙasa. Kin kuma ce mai baro a bakin titi yana ba da littafi a 300. Yana bayarwa mana! Araha dai ba ta ado. Sai dai kafin ki biya shi, ki buɗe littafin daidai tsakiya, inda ƙarfen ɗinki yake, ki ƙirga fallayen ɓangare ɗaya, ki ninka biyu. In bango ya ce 60, dole ki sami 30 a kowane gefe. In kin ƙirga 24, to 48 aka sayar miki, sauran goma sha biyun suna can suna hutawa a wurin mai ɗab'i. A dozin guda an yi miki ƙwauron falle 144, fiye da littafi biyu ke nan sun tafi ba sallama. Sai ki ga tun zango bai raba ba yaro ya dawo yana cewa littafin lissafi ya cika, ki hau shi da faɗa wai yana yage takarda yana yin jirgi. Yana yi ɗin kam, ba na kare shi, amma ba shi kaɗai ya ci miki fallayen ba.

Gwaji na biyu ya fi sauƙi. Ja layi da biro a falle ɗaya, ki juya bayansa. In tawada ta leƙo ta baya, takardar ta yi shara-shara, kuma yaro gefe ɗaya kawai zai iya amfani da shi, ko ya rubuta a duka biyun malami ya kasa karantawa. Mun ajiye ƙunshi ɗaya a kwance a kan tebur musamman don masu zargi irinki. Ki ƙirga, ki zana, ki ɗaga shi sama ki duba a hasken rana. Kujera ma za mu ba ki.

Yauwa, ga babbar hujjar Malam ta fito. Ka ce ba za ka sayi komai ba sai makaranta ta ba da jerin kayan da take so. A nan ka ɗan yi gaskiya, kuma ba na jin daɗin faɗin haka. Akwai makarantun kuɗi da ke buga tambarinsu a bangon littafi su ce sai nasu. In ɗanka a irinsu yake, faɗa mana, mu cire littattafan mu lissafa maka sauran da rangwamensu. Littattafan karatu kuwa, na Turanci da lissafi da kimiyya, ba mu sa su cikin ƙunshi ba ko ɗaya, domin kowace makaranta da mawallafin da take bi, kuma saya kafin a ga jeri asara ce. Amma fensir? Rula? Akwai shugaban makarantar da ya taɓa hana yaro shiga aji saboda launin kilinarsa? Abin da bai dace ba, ka dawo da shi cikin kwana bakwai bayan an koma, da rasit, a canza maka, muddin ba a rubuta komai a ciki ba. Wanda auta ya riga ya zana mota a bangonsa ya zama naka har abada.

Bari mu yi lissafin gida mai yara uku. Ƙaramar tana nazare: littattafai shida, masu layin koyon rubutu da masu gida-gida na lissafi, da kalar zane da sauran tarkace, 3,000 maimakon 3,500. Na tsakiya yana firamare, 6,000. Babban zai shiga ƙaramar sakandare: littafi mai falle 80 guda goma sha biyar, akwatin kayan lissafi, littafin giraf, biro da fensir, 9,500 maimakon 11,000. A makon farko duka 18,500. A mako na biyu 19,900. Ranar da aka koma, kana tsaye cikin turmutsutsu, yaro na jan rigarka yana cewa za a rufe ƙofa, 21,500.

Ka ce albashi bai shigo ba? Mun san da wannan ma, ai mu ma muna jiran naka albashin. Ka zo cikin makon farko ka ba da kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin uku, a rubuta sunan yaro a jikin leda a ajiye a farashin ranar. Ka cika ka ɗauka kafin ƙarshen 7 ga Satumba. In ranar ta wuce ba ka zo ba, kuɗinka na nan ba mai taɓa shi, rangwamen ne ya tafi.

Muna buɗewa ƙarfe 8 na safe, mu rufe 6 na yamma. Ranar Juma'a muna tashi ƙarfe 12 da rabi, mu dawo ƙarfe 3. Ka taho da ajin kowane yaro a rubuce, domin mun sha ganin uban da aka tambaye shi ajin ɗansa ya tsaya yana kiran uwargida a waya.