Yadda Aka Ba Doki Mata a Fitowa ta 14

Shekaranjiya da daddare, a wani masauki a Makarfi, aka aurar da yarinya ga doki a gaban shaidu, kuma har yanzu ana cewa wai takardata ce ta ɗaura auren.

Ni ne mataimakin darakta, ni ke rubuta jerin hotunan da za a ɗauka. Fitowar kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, shafi biyu ce, mutum biyu ne a kan tabarma a bakin wurin matsar rake, can wani ƙauye tsakanin Makarfi da Hunkuyi. Uba mai sana'ar mazarƙwaila ne, saurayin ne ya ranta masa kuɗin dokin da ke juya masa injin matsa, ya kasa biya, yau kuma saurayin ya zo neman 'yarsa. Uba zai yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya ce, "Na ba ka," ya miƙa masa goro.

Na tambayi darakta yadda yake ganinta. Yana shan rake ya amsa mini, tsakanin tofar da totuwa da sake gatsa. Ya ce, "Yaron nan kada ya ɗago kai, gaban suruki yake. Tsohon kuma, sa'ar da zai ce na ba ka, bakinsa ne kawai a wurin, zuciyarsa tana wajen dokin." Na ce an gama. Na zauna na buga wannan a wayata, na tura wa kowa:

```
14A  WS   24mm  uba da saurayi, duka fitowar
14B  MCU  50mm  uba
14C  MCU  50mm  saurayi
14D  CU   85mm  doki, bayan "na ba ka"
```

Ku duba da kyau, ku yi mini adalci. Lambar fitowa tana nan da harafin kowane hoto. Girman hoto yana nan: na farko mai faɗi da ya kwaso kowa, biyu daga ƙirji zuwa sama, na ƙarshe na kusa. Gilashin da za a ɗaura wa kyamara ma na rubuta. Zuciyar tsoho tana wajen doki, ga doki na sa. Me ya rage?

Da safe muka ɗauki 14A lafiya lau. Uba yana zaune ta kudu, saurayi ya durƙusa ta arewa, kyamara tana gabas da su, rana a bayanta. A cikin hoton uba ya faɗo hagu yana fuskantar dama, saurayi ya faɗo dama yana fuskantar hagu. Muka ɗauki 14B daga gabas ɗin. Sai hayaƙin tukunyar da ake dafa ruwan rake ya juyo kanmu, aka jira, aka ci abinci, aka yi azahar. Kafin a dawo kan saurayi rana ta karkata yamma, tana dukan gilashin kyamara kai tsaye, hoton ya yi fari fat. Mai ɗaukar hoto, wani ɗan Zariya da ba ya son ɓata lokaci, ya duba wayarsa, ya ga an rubuta saurayi kawai, ba a ce daga ina ba. Ya sungumi kyamararsa ya zagaya yamma, ya ba rana baya. Hoto ya fito tas. Darakta a lokacin yana can yana rigima da mai doki a kan kuɗin haya, ni kuma an aike ni in hana yara leƙe.

Ga abin da zagayen nan ya jawo. Idan mutum biyu suna magana, akwai layi da ba a gani wanda ya taso daga wannan zuwa wancan. Duk inda za ka kafa kyamara, ka tsaya a ɓangare ɗaya na layin, kana da rabin da'ira, digiri 180, ka yi yawonka a ciki. Muddin kana nan, wanda ke kallon dama zai ci gaba da kallon dama, ɗayan yana kallon hagu, idan an haɗa hotunan sai idanunsu su gamu a tsakiya. Da ka tsallaka, wanda ke kallon hagu ya koma kallon dama. A wurin ɗauka ba wanda zai lura, domin kowa yana ganin mutanen biyu da idonsa suna fuskantar juna. Sai an jera hotunan ɗaya bayan ɗaya asiri ke tonuwa.

Aka jera su kuwa, bayan isha'i. Edita ya kafa laftof a kan benci a tsakar masaukin, ya harhaɗa fitowar yadda jerina ya ce. Ma'aikata suka kewaye shi, da mai masauki, da almajirai uku, da wani dattijo mai tallar rake da tun rana yake bin mu da baronsa, wanda kowa ke ce wa Baba.

Uba ya fito, yana kallon dama, ya yi gyaran murya. Saurayi ya fito, kansa a sunkuye, shi ma yana fuskantar dama. Na ji wani abu ya tsarga mini, amma na ce ƙila idona ne. Uba ya sake fitowa, ya numfasa, ya ce da muryar da ta sha wuya, "Na ba ka." Sai doki ya cika allo, yana fuskantar hagu, ido cikin ido da tsoho, yana tauna a hankali. A duk fitowar nan shi kaɗai ne ya fuskanci uban yarinya. Daga nan aka koma kan saurayi, wanda ya sunkuyar da kai yana duban ɓangaren da ango yake, ya ce, "Allah ya saka da alheri." Wato ya zama wakilin ango.

Wurin ya yi tsit. Dokin, saboda edita mutum ne mai son aikinsa, an bar shi daƙiƙa huɗu cur, har ya kaɗa kunne ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne ya kashe mutane. Wani almajiri ya fara, mai haske ya faɗi daga kan benci, mai kwalliya ta toshe baki da mayafi tana hawaye. Darakta bai yi dariya ba. Ya ce, "Maimaita." Aka maimaita. Na ba ka. Doki. Kunne. Gyaɗa kai. Ya ce a sake. A karon nan har na lura akwai ɓawon rake a leɓen ango.

Ya juyo gare ni. "Malam, ina waiwayen?"

Na ce wane waiwaye?

"Na ce maka zuciyarsa tana wajen doki. Zuciya ake ɗauka da kyamara? Waiwaye ake ɗauka! Tsoho ya kawar da kai daga yaron, ya juya hagu, ya dubi dokin, sannan mu ga dokin, sannan ya dawo da fuskarsa dama ya ce na ba ka. Hoto ne mai zaman kansa, na kusa, da harafinsa, kuma kafin maganar yake zuwa, ba bayanta ba. Shi kaɗai na zo ɗauka garin nan, sauran duk rakiya suka yi masa."

Daga nan ya ƙwace wayata yana zungurin allon da yatsa. A gaban kowane suna, in ji shi, a rubuta inda mutum yake kallo, hagu ko dama. A rubuta ɓangaren da kyamara take. A rubuta tsayinta, tun da yaron a durƙushe yake, a ɗauke shi daga ɗan sama, daidai idon tsohon da ke dubansa. A rubuta daga wace magana zuwa wace magana hoton zai rufe. Kuma wanda ya san kyamararsa yamma za ta duba, ya gama da mutane kafin rana ta faɗo masa a gilashi, doki ya jira la'asar, in kuma rana ta riga shi, a sa yara biyu su ɗaga tabarma su tare ta.

Na tattaro ɗan abin da ya rage mini na mutunci, na ce ai Yasujiro Ozu, babban daraktan nan na Japan, da gangan yake tsallaka layin, kuma duniya ta sallama masa. Darakta ya ce, "Ozu ne zai biya kuɗin motar dawo da tsohon daga Kano?" Domin jarumin namu tun la'asar aka sauke shi a Tashar Yari, ya hau mota.

A nan ne Baba mai rake ya matso. Ya ajiye wuƙarsa, ya leƙa allon, ya ce, "Yara, abin nan ai mai sauƙi ne. Ku juya talabijin ɗin ta fuskanci gabas." Edita ya yi masa bayani cikin ladabi cewa juya laftof ba ya juya mutanen da ke ciki. Baba ya ce to masu kallon su koma ta bayanta. Da aka ce wannan ma ba za ta yi ba, ya yi shiru yana nazari, sannan ya tambaya ko yarinyar ta ga dokin, don a saninsa ba a yi wa 'ya mace dole yanzu. Ya ƙara da cewa shi ya san dokin, na mutanen Kudan ne, shekara da shekaru yana zagaya injin nan bai taɓa fashin aiki ba, abin da ba zai iya faɗa a kan samarin da ke zuwa ƙofar gidansa ba. Ya ce in shawara muke so, mu bar fim ɗin yadda yake, zai fi ciniki, har daga Ikara za a zo saye.

Edita dai ya ce shawarar Baba ta farko ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin ana iya juya hoto guda kamar a madubi, hagu ta koma dama. Na ji kamar an sauke mini dutse. Ya danna, saurayi ya juyo yana fuskantar hagu, idonsa da na uba suka daidaita, aka cire dokin gaba ɗaya. Rubutun buhun takin da ke bayansa ya koma baibai, amma muka ce wa zai karanta buhu? Darakta ya fara sassautowa. Aka saki fitowar daga farko. Uba ya ce, "Na ba ka," ya miƙa goro. Saurayi, cikin ladabi da sunkuyar da kai, ya miƙa hannu ya karɓi goron surukinsa da hagu.

Baba ya yi salati da ƙarfi. Ya ɗauki wuƙarsa, ya kama baronsa, ya ce, "Ku mayar wa dokin. Ya fi shi tarbiyya."

Ranar Asabar za a sake ɗauka, kuma kuɗin motar tsohon daga cikin sallamata za a cire.